Amsa: Wasiƙar neman ganin likitan gyaran haɓa

"Ina Agege, haɓata ta shige ciki. Me zan rubuta wa asibitin gyaran jiki su ba ni ranar ganin likita?"

'Yar'uwa, kada ki cika su da labari. Sunanki, shekarunki, da abin da ke damunki a haɓar sun isa buɗewa. Ki faɗi lafiyarki: ciwon suga, sikila, maganin tsinka jini, musamman ko fatarki na yin tabo mai kumburi.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: robar silikon za a sa a haɓar, ko yanka ƙashin za a yi a turo shi gaba, a ɗaure da farantin ƙarfe da sukurori? Akwai jijiyar da ke fitowa ƙasan haƙora tana kai ji ga leɓen ƙasa. In aka taɓa ta, leɓen ya dinga jin kamar an yi allurar kashe zafi, wani lokaci watanni, wani sa'in ba ya dawowa. Silikon kuma yakan goce ko ya kama ƙwayar cuta, sai an cire.

Ki nemi a duba cizon haƙoranki da hoton ƙashi tukuna, don in muƙamuƙin ne ya ja baya, gyaran haɓa kaɗai rufa-rufa ne. Ki kuma tambayi lambar rajistar likitan ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, da wanda zai sa ki barci.