Muryar da aka kwafe daga gurup: laftof ɗin gem ta hannu mai gajiyayyen batir

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya. Na ga wata laftof ta gem, Beljiyam, nan Birnin Kebbi, i7-9750H da GTX 1660 Ti. Batir ba ya kai minti 40, kuma tana zafi, fanka na ta ihu. Mai shago ya ce fes ne kawai ya bushe. In saya in gyara, ko in bar mai kayanshi?"

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji saƙonka tun ɗazu, ina kan aiki ne. To bari in yi maka bayani a nan gurup don wasu ma su amfana, ka yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Kada ka biya tukuna, kuma kada ka gudu tukuna. Batir da fes, wato man nan da ake shafa ma firosesa don zafinshi ya ƙetara zuwa ƙarfen da ke kwashe shi, duk abubuwa ne da ake sakewa, kuɗinsu sananne ne, za ka iya cire su daga ciniki. Abin da nike tsoro shi ne shekarun da na'urar ta yi tana aiki cikin wanga zafi, ko ya riga ya taɓa girafik, wato cif ɗin da ke fidda hoton gem. Injin 2019 ne fa. In girafik ɗin ya taɓu, to magana ta ƙare, don a laftof manne shike da bod, ba a zare shi a sa wani kamar na destof. Shi ya sa gwajin da za ka yi a shagon ya fi duk wata rantsuwa da mai kaya zai yi maka.

Mu fara da batir, don shi ne mai sauƙi. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai nuna maka inda ya aje fayil, ka buɗe shi. Layi biyu kawai za ka duba, DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY. Na farkon shi ne abin da batirin ke ɗauka ranar da ya fito kamfani, na biyun abin da shike iya ɗauka yau. A ce ka ga 57,000 mWh a sama, 24,000 a ƙasa. Ka raba, wajen kashi 42 cikin ɗari ke nan ya rage. Wanga batir ya gama aikinshi, babu wata dabara ko manhaja da za ta maido shi, sai sabo. In ka ga kashi 80 ko sama, ka bar shi, shina da sauran rai.

Amma ka kife laftof ɗin bisa tebur ka duba cikinta da ido. In murfin ƙasa ya turo, ko wurin mawus ya ɗago har ba ya dannuwa sosai, batirin ya kumbura. Wannan ba a kwana da shi a ɗaki kan caji, ba a danna shi, ba a huda shi, cire shi ake yi nan take. Zafinmu na watan Maris da Afrilu, da ake wuce digiri 40, shi ke ƙara kumbura su.

Kuma in gaya maka gaskiya don kada ka sa rai da yawa: ko ka sa sabon batir dal, irin wagga laftof awa uku ko huɗu za ta ba ka in rubutu da kallo kake yi. In gem ne, wajen awa ɗaya, kuma da zarar ka zare caja girafik zai rage ƙarfinshi da kanshi, gem ya fara tsinkewa. Batirin nata amfaninshi shi ne in nepa sun ɗauke kada ta mutu a hannunka kafin a tada janareta. Shi ke nan. Sannan kafin ka yi ciniki ka ɗauki lambar da ke jikin batirin ka tambaya ko ana samun irinshi, nan ko Sakkwato ko Kano, ka ji kuɗinshi. Akwai waɗanda samunsu ke wuya, kuma jabu sun cika kasuwa.

Af, caja. Ka juya ta ka karanta. Irin wanga inji galibi wat 180 shike so. In aka haɗa ka da ƙaramar caja mai wat 90 ko 65, za ta kunna, amma za ta riƙa jan ƙafa, ka ɗauka zafi ne alhali yunwar wuta ce.

To yanzu maganar zafi, nan ne nike son ka natsu. Ka tafi da filash ɗinka, ka sa HWiNFO64 mai nuna zafi, da Cinebench mai gwada firosesa, da FurMark mai gwada girafik a ciki, duk kyauta ne. Ka jona caja, ka buɗe HWiNFO64 ka zaɓi Sensors-only, ka nemo layin CPU Package. Ka bar ta minti biyar ba ta yin komai. In ka ga digiri 45 zuwa 55 a ɗakin da ba iyakwandishan, ba laifi. In tana zaune kawai ta kai 70, akwai magana. Sai ka kunna Cinebench ka sa ido kan lambar, hannunka ɗaya kuma a bakin ramin da iska ke fita.

Abin da za ka gani iri biyu ne, kuma kowanne da abin da shike nufi. In lambar ta yi tsalle zuwa 97, 99, 100 cikin 'yan daƙiƙu, amma iskar da ke bugun hannunka na da ƙarfi kuma ɗumi-ɗumi ce kawai, wato zafin na nan maƙale cikin firosesa, ba ya ƙetarawa zuwa jan ƙarfen da ke kwashe shi. Wannan alamar busasshen fes ce. Za ka ƙara tabbatarwa in ka duba zafin kowane ko, wato ƙwaƙwalen da ke aiki cikin firosesan, don shida gare shi, ka ga wani na 99 wani na 82. Tazarar da ta wuce digiri 12 ko 15 tsakaninsu na nuna fes ɗin ya tsattsage, wani wuri ya taɓa wani bai taɓa ba. In kuwa lambar a hankali take hawa, minti biyu, minti uku, fanka na ihu amma iskar da ke fitowa ba ƙarfi, to ƙura ce. Ƙurar hunturu na taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen nan ta zama kamar bargo, ba ka ganinta daga waje sai an cire fankar. Yawancin waɗanda ke zuwa hannuna duka biyun ne a haɗe.

Wanga firosesa iyakarshi digiri 100, in ya kai nan sai ya rage gudu don ya ceci kanshi, za ka ga layin Thermal Throttling ya koma Yes. Ka dubi gudun. Asalin gudunshi 2.6 GHz ne, mai lafiya kuma in duk ko shida na aiki shina riƙe 3 ko sama da haka. In naka ya faɗo ƙasa da 2.6, zafi na cin ƙarfin da za ka biya kuɗi dominshi. In kuma ka ga ya maƙale a 0.8 ba ya motsi ko da ta huce, wannan ba fes ba ne. Sau da yawa caja ce ko mataccen batirin, wani lokaci kuma bod. A gwada da wata caja ta asali a gabanka, in bai tashi ba ka haƙura da ita.

Akwai wata cuta da ke kwaikwayon busasshen fes, ita ce mutuwar bututun jan ƙarfen. Cikinshi akwai ɗan ruwa da ke kai zafi wurin fanka, in ya huje ruwan ya tsere, ko ka sa fes mafi tsada ba abin da zai canza. Ana gane shi in an buɗe ana aiki: gefen firosesa ba ya taɓuwa don zafi, gefen fanka kuma sanyi. Shi ya sa ni shawarata, tunda mai shago ya ce fes ne kawai, to madalla, a sake fes ɗin kafin ka cika kuɗi. Ka ce ka yarda ka biya kuɗin aikin. In gaskiya ya faɗi, lambobi za su nuna.

Sai babban gwajin. Ka buɗe Device Manager, ƙarƙashin Display adapters dole ka ga guda biyu, na Intel da GTX 1660 Ti. In na biyun babu shi, ko akwai alamar rawaya a kanshi, ka buɗe ka ga Code 43, kada ka yarda da "direba ce kawai" sai an sa direbar, wato manhajar da ke tada girafik ɗin, a gabanka ya tashi. Laftof na iya kunnawa lafiya lau da ƙaramin girafik na Intel alhali babban ya mutu, mutane da yawa a nan ake cin su. In ya fito lafiya, ka kunna FurMark minti 15 ko 20, ka tabbata sunan GTX ɗin ne ya nuna a sama. Ka zuba ma sikirin ido. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, walƙiya, sikirin ya yi baƙi ya dawo, ko ta mutu ɗungurungum, ko ɗaya ka gani, ka yi sallama da mai shago cikin mutunci. Za a ce maka ana gasa shi da iska mai zafi ya dawo. Shina dawowa, na 'yan makonni, sannan ya koma. In kuwa zafi kawai ya kai 86 ko 87 ya rage gudu amma hoto garau har ƙarshe, to wannan mai gyaruwa ce, ita ce irin wadda nike cewa a saya.

Wurin gyaran kuma ka tsaya a kai. A fara zare batir daga bod kafin a taɓa komai. A goge tsohon fes da sifirit mai ƙarfi, ba a kankare shi da sukurudireba, don fuskar firosesa da ta girafik tsirara suke, ba murfi. A cire fanka a fidda ƙurar, in za a hura da bulowa a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Inda yara masu gyara ke ɓata aiki shi ne 'yan katifun roban nan masu laushi da ke kan ƙananan cif kewaye da girafik. Kaurinsu daban-daban ne, akwai rabin milimita, akwai ɗaya, akwai ɗaya da rabi. In ba su yage ba a bar su. In aka sa wanda ya fi kauri sai ya ɗage ƙarfen gaba ɗaya, a rufe laftof ta fi da zafi. Sukurorin kuma akwai lamba kusa da kowanne, 1, 2, 3, a bi su a jere, a ɗaure kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah kada a sa farin fes ɗin nan na sirinji mai arha, wata biyu ya sake bushewa.

In an yi aikin daidai, inda fes ya bushe da gaske ana samun sauƙin digiri 10 zuwa 15, fanka ta rage ihu, gudu ya dawo sama da 3. Amma wanga firosesa mai zafi ne tun shina sabo, in ka ga 85 zuwa 90 a Cinebench bayan gyara kada ka koma kana faɗa da mai gyara, haka shike.

Wurin ciniki sai ka haɗa kuɗin batir, kuɗin fes da aiki, da na caja in ba tata ba ce, ka cire daga abin da ya faɗa. Ka kuma buɗe ka rufe murfin sau da yawa ka ji ko hinji na ƙara, ka shiga BIOS ka tabbata ba fasuwod. In ka je gobe ka ɗauko mani hoton rahoton batir da na HWiNFO64 lokacin da gwajin ke gudana, ka turo nan gurup in duba kafin ka tura mai ko sisi.