Ɗan haya ya wuce lokacin biya da mako biyu: yaya zan rubuta masa?

Tambaya: Ina da gida a Agege. Wani ɗan uwanmu ɗan Arewa yana hayar ciki da falo a naira 600,000 a shekara. Kuɗinsa ya ƙare ranar 1 ga Maris, yau mako biyu shiru. Yaya zan tuna masa a rubuce ba tare da na ci masa fuska ba?

Amsa: Alhaji, takardar tuni daban, notis na tashi daban, kada ka haɗa su a takarda ɗaya. A Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, mai hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai hayar wata kuma wata ɗaya, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. Saboda haka in ka rubuta "ka biya ko ka fita nan da sati", ka faɗi abin da ba ka da ikon zartarwa, kuma ya sani. Ƙarfin takardar yana cikin adadin kuɗin da ranar da ka yanke. Ga misali:

"15 ga Maris. Malam Wane, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya iyali? Ina tuna maka cewa kuɗin hayar ciki da falon da kake ciki, naira 600,000, lokacin biyansa ya yi tun ranar 1 ga Maris, kuma har yau bai shigo ba. Ina roƙon ka biya kafin ranar 29 ga Maris a asusun da ka saba. In ka riga ka tura, ka aiko mini da shaidar banki in ba ka rasit. In kuma wani uzuri ne ya taso, ka same ni cikin kwana uku mu tsara yadda za ka biya, mu sa a rubuce. Na gode."

Ka lura babu "in ka samu hali" a ciki. Kunya ce ke sa mu faɗi haka, amma wanda ake bi bashi yakan ɗauke ta a matsayin an ɗaga masa ƙafa har illa masha Allahu. Ka sa hannu, ka yi kwafi biyu, ya sa hannu a naka. In ya ƙi, ka miƙa masa gaban shaida, ka kuma tura hoton takardar ta WhatsApp.

Kada ka ambaci yanke wuta ko ruwa, cire ƙofa, ko fitar da kaya. Fitar da ɗan haya da ƙarfi ko takura masa don ya tashi laifi ne a wannan doka, tararsa na iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida, kuma takardarka ce za ta zama hujja a kanka. In ranar 29 ta wuce bai motsa ba, ka kai maganar Cibiyar Sasanci ta gwamnatin jihar, wadda ke sulhunta masu gida da 'yan haya kyauta, ko ka sa lauya ya rubuta notis.