Ɗan Ludo Sau Dubu, Amma Tudu Ya Ƙi Fitowa

Malam, an ce mana ka'idar santiral limit tana fitar da zane mai tudu a tsakiya. Na jefa ɗan ludo sau 1,000 a Excel, zanena ya fito a shimfiɗe. Kwamfutata ce ta lalace? Ɗaliba, Gwale.

'Yata, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, a daina ɗora mata laifi. Duk zangon karatu sai an turo min wannan tambaya, har ta fara hawar min kai. Ɗan ludo fuska shida gare shi, kowacce rabonta daidai da na 'yar'uwarta. Ko sau miliyan kika jefa, a shimfiɗe zai fito. Ka'idar ba ta yi wa jifa ɗaiɗai alkawarin komai ba, maganar matsakaici take yi.

Ki cika A1 zuwa AD1 da dabara ta farko, jifa 30 ke nan, ki sa ta biyu a AE1, sannan ki ja layin har ƙasa zuwa 1,000.

```
=RANDBETWEEN(1,6)
=AVERAGE(A1:AD1)
```

Yanzu zana AE kaɗai. Za ki ga sun taru kamar tsibin gero, ƙololuwar a kan 3.5, wato matsakaicin lambobi 1 zuwa 6. Dalili kuwa, kafin matsakaici ya kai 6 sai duka jifa 30 sun ba da shida, alhali hanyoyin da manya da ƙanana za su cakuɗu su ba da kusan 3.5 ba sa ƙirguwa.

Faɗin tsibin ma sananne ne. Warwatsuwar jifa ɗaya, wato ma'aunin yadda jifa ke nisa da 3.5, 1.71 ce. Raba ta da tushen 30, wato 5.48, lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 30, ki samu 0.31. Ninka da 1.96, lambar da ake amfani da ita don a kama kashi 95 cikin ɗari, ya zama 0.61. To daga nan tazarar amincewa ta fito: ɗauki matsakaicin kowane layi, ki ƙara 0.61, ki rage 0.61. Layin da ya ba da 3.8, tazararsa 3.19 zuwa 4.41, ta kama 3.5. Wanda ya ba da 4.2 ya kuskure. Ki ƙirga, wajen 950 cikin 1,000 za su kama. Ma'anar kashi 95 ɗin ke nan: yawan dacewar hanyar ce idan an yi ta maimaitawa.

Kina son tazarar ta ragu da rabi? Sai jifa 120, ba 60 ba.

Kuma don Allah a bar ɗaukar 30 kamar laya, wai da an kai 30 tudun dole ya fito. Ɗan ludo ba ya karkata, shi ya sa 30 ta ishe shi. Bayanan kuɗin shiga, inda attajiri ɗaya ke rinjayar mutum ɗari, suna buƙatar fiye da haka. In kuwa 'yan kasuwar waya ta Farm Centre kaɗai kika tambaya kuɗin datar da suke kashewa, ko mutum dubu ne, tazararki ba ta Kanawa ba ce.

Lambobina suna ta canzawa da na taɓa wani abu. Wani, Kurna.

Aikin RANDBETWEEN ke nan, Malam. Kwafe su, ka yi Paste Special, ka zaɓi Values. Mai son sabon jifa kuma ya danna F9.