Saƙon Manajan Darakta daban, na manajan sito daban

"Jama'a, wata uku ke nan da na kama aiki a wani kamfani. Idan zan rubuta wa babban shugaba saƙo, da idan zan rubuta wa ƙaramin manaja, ta yaya zan sauya harshe? Ina tsoron kada in yi rashin ladabi."

Ɗan'uwa, na yi shekara 11 a sashen sayayya na wani kamfanin daskararren kifi a Kano, kuma da farko a juye na fahimci abin. Na ɗauka girmama babba shi ne a tsawaita masa magana, ƙarami kuma a jefa masa layi biyu. Ashe babban ne ke son gajere, ƙaramin ne ke buƙatar bayani da lallami.

Wata Litinin janaretan ɗakin sanyinmu ya tsaya, kaya na kusan naira miliyan 30 suna ciki. Gyaran zai ci miliyan 4, kuɗin da ya wuce ikon sa hannun kowa sai Manajan Darakta. Na zauna na rangaɗa masa shafi guda: gaisuwa, fatan iyali suna lafiya, tarihin janaretan tun ranar da aka sayo shi, sai can ƙasa na ce "ko za a duba". Shiru har la'asar. Sakatariyarsa ce ta kira ni ta ce, "Malam, Yallaɓai ya ce me kake so ya yi?" A waya ya karanta, tsakanin taro biyu, bai ma kai ƙasan ba.

Da na sake rubutawa, ga abin da na aika: "Ranka ya daɗe, ina neman amincewarka a kashe naira miliyan 4 a gyara janaretan ɗakin sanyi kafin ƙarfe 6 na yamma. Idan ya wuce daren nan, kayan miliyan 30 za su fara narkewa. Na karɓi farashin masu gyara uku, ina ba da shawarar na biyu, domin shi kaɗai ne ke da kayan gyaran a hannu. Takardunsu suna haɗe." Minti goma bai cika ba ya amsa da kalma ɗaya.

Ladabin duka yana cikin "ranka ya daɗe" da "ina neman amincewarka", bai buƙatar ƙari. Ka lura kuma na ce "na karɓi", "ina ba da shawarar". Mu Hausawa muna son fakewa a bayan "an yi" da "za a duba", kuma a gaban manya hakan kunya ce mai kyau, amma a takardar ofis shugaba yana son ya san wa zai kira idan abu ya lalace.

Saƙon manajan sito kuwa ya ninka wancan tsawo. Shi ne zai yi aikin da hannunsa, don haka na faɗa masa ƙarfe nawa mai gyara zai iso, wace ƙofa za a bar masa, kada a riƙa buɗe ɗakin sai dole, a rubuta awon sanyi duk bayan awa ɗaya a turo mini. Na fara da "Malam, sannu da fama, na san yau ka sha wuya." A nan ne "a" ɗin nan take da amfani. "A rufe ƙofar" ya fi "ka rufe ƙofar" sauƙin haɗiya, balle ga mutumin da ya girme ni da shekara goma, kuma ba a ƙarƙashina yake ba. Na kuma gaya masa dalilin kowane abu. Shugaba zai iya ba da umarni tsagwaronsa a bi, kai da ni ba mu da wannan ikon, dalilin ne ke sa a yi mana.

Abin da ya fi ɓata zumunci shi ne sa shugaba a CC, wato tura masa kwafin saƙon da ka aika wa wani. Na taɓa yi wa wani manajan sufuri haka a kan motar da ta makara, kalmomina duk masu taushi ne, amma shi ƙara ya gani an kai shi. Wata biyu komai nawa sai ya bi layi. Tun daga nan, in akwai gyara, sai in kira mutum ko in taka ofishinsa, sannan in rubuta "kamar yadda muka yi magana ɗazu".

In kuwa dole saƙo ɗaya ya je wa su biyun, ka sa buƙatar da kuɗin a layi uku na sama saboda babban, bayanin aiki ya biyo a ƙasa saboda ƙaramin, kuma kada sunan ƙaramin ya fito a jimlar da ke maganar laifi.