Bashi uku a kaina: ƙarami zan fara biya ko mai ruwa?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon tireda a nan Katsina. Dilan da nake sari wurinsa yana bina 60,000, babu ruwa, ina ba shi 10,000 duk wata. Ƙungiyarmu ta gama kai 150,000, ruwa kashi 2 cikin ɗari a wata, biyan 15,000. Ƙaramin banki 300,000, ruwa kashi 5 a wata, biyan 25,000. Ina iya fitar da 80,000 a wata. Wanne zan fara kashewa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yaye mana, ni ma na kwana a wannan ɗaki, shekara biyu ina juya bashi huɗu kafin na fita.

Rarar da ke hannunka bayan ka ba kowa nasa 30,000 ce, kuma duk gardamar a kanta take. Hanya ta farko Turawa na ce mata sinobol, wato curin ƙanƙara mai ƙara girma in yana gangara, wani Ba'amurke Dave Ramsey ne ya yayata ta: ka zuba rarar kan bashi mafi ƙanƙanta, in ya mutu ka kwashe kuɗinsa ka ɗora kan na gaba. Ta biyu, abalanci, ba ruwanta da girman bashi, wanda ruwansa ya fi cizo shi ake fara bi. Mu da ba mu san ƙanƙara ba sai ta firji, bari in ce "ƙarami tukuna" da "mai cizo tukuna".

Na zauna da biro da takarda na buga naka, bisa ɗaukar cewa ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage duk wata. Riƙe wannan sharaɗin, zan dawo kansa.

In ka bi ƙarami tukuna, dila zai karɓi 40,000 watan farko, wata na biyu ka cika mashi 20,000, kun rabu, sauran 20,000 ɗin watan ka ƙara wa ƙungiya. Daga wata na uku ƙungiya ta koma samun 55,000, ta ƙare a wata na huɗu. Abin gwanin daɗi, wata huɗu bashi biyu sun tafi. Amma leƙa banki. Duk tsawon nan 25,000 kake kai masu, kuma a watan farko 15,000 daga ciki ruwa ne, uwar kuɗin daga 300,000 ta sauko 290,000 kawai. Bayan wata huɗu ka kai masu sama da dubu ɗari, amma suna binka kusan 255,800. Daga nan ne za ka juyo masu da 80,000 ɗin gaba ɗaya, ka gama a wata na takwas. Jimillar ruwan da ka biya, banki da ƙungiya, kusan 96,200.

In kuma mai cizo tukuna ne, banki zai riƙa samun 55,000 tun farko. Bayan wata huɗu saura kusan 127,600, rabin abin da ya rage a waccan hanyar ke nan. Dila zai ƙare da kansa a wata na shida da dubu goma-gomarsa, banki a na bakwai, ƙungiya a na takwas. Ruwan duka kusan 75,600.

To ka gani, duka biyun a wata na takwas suke ƙarewa. Bambancin yana biyan ƙarshe: can za ka fitar da wajen 46,200, nan wajen 25,600. Wajen naira 20,500 ke nan a tsakani. Dalilin bai da wuya. Duk naira dubu da ka kai wa dila kafin lokacinsa ba ta rage maka ko kwabo ba, tunda bashinsa ba ya haihuwa. Dubun nan a ƙungiya tana tsare maka naira 20 a wata, a banki naira 50. Ni a wurinka banki zan bi. Kuma ga wanda ruwan nan yake damun zuciyarsa ta fuskar addini, mu da yawa haka muke, wannan hanyar ce ta fi rage abin da za ka bayar na riba.

Sai dai kar ka kai ko sisi na ƙari sai ka duba wani abu, don nan ne aka yi mani sakiyar da ba ruwa. Wani ƙaramin banki na bina, na sayar da ɗan sa da na yi kiwo na kwashi kuɗin na kai masu, ina murna na karya ruwa. Yarinyar da ke kanta ta juyo mani da takardar jadawalin biya, ta ɗora yatsa kan layin ruwa. Daga sama har ƙasa lamba ɗaya ce, wata na farko da na ƙarshe duk ɗaya. Ta ce, "Alhaji, mu a kan uwar kuɗin muke lissafi tun ranar da ka karɓa." Wato sun riga sun haɗa ruwan duka wa'adin sun raba wata-wata. Kuɗin san nan sun rage mani yawan watanni, amma jimillar da zan biya ko naira ba ta motsa ba.

Don haka ɗauko taka takardar. In layin ruwa yana raguwa, 15,000, sai 14,500, sai ƙasa da haka, lissafina ya hau kanka daidai. In 15,000 ce tsaye kowane wata, je ka tambaye su a fili: in na biya duka kafin wa'adi, za ku yafe ruwan watannin da suka rage? Akwai tarar biya da wuri? Su rubuta maka, kar ka yarda da ta baki. In sun ce babu ragi, to bashin bankin ya zama kamar na dila, farashinsa a yanke yake, sai ka ba su 25,000 ɗinsu a kan lokaci ka juya rarar kan ƙungiya, in ita tata tana bin ragowa. Haka ma wanda ya karɓi kaya ta murabaha a bankin Musulunci: an tsayar da riba tun ranar ciniki, ragin biya da wuri sai in bankin ya ga dama. Kuma ko a inda ruwa ke bin ragowa, ka tabbatar ƙarin da ka kai an cire shi daga uwar kuɗi, ba ajiye shi aka yi a matsayin biyan watan gobe ba.

Ban ce ƙarami tukuna shirme ba ne. A hanyar da na zaɓar maka, wata biyar za ka yi kana fitar da 80,000 kuma har yanzu mutum uku na binka. Ba kowa ke jure wannan ba, na ga wanda ya sare a wata na uku ya koma biyan na dole kawai, shi kam gara a ce ya bi ta ƙaramin. Sannan dila ba takarda ba ne, mutum ne da kuke gaisawa a babbar kasuwa. In ya fara ɗaure fuska, ko ka ji alamar zai daina ba ka kaya, ribar da za ka rasa a shago cikin sati biyu na iya wuce 20,500 ɗin nan. In haka ne sallame shi a wata biyu, amma daga nan tsallake ƙungiya ka faɗa wa banki, kar ka bi jerin ƙanana har ƙarshe. In kuwa ya gamsu da goma-gomarsa, bar shi a haka.

Abu ɗaya da ya kusa kayar da ni: ranar da bashi ɗaya ya mutu, kuɗin da nake ba shi sai suka narke cikin cefane da man babur, ban ma san inda suka bi ba. Lissafin nan duka ya tsaya ne kan 80,000 tana fita cif-cif har wata na takwas, ko bashi nawa ya rage. Ranar da ka ware kuɗin, ranar za ka tura su, kar su kwana a aljihu.

Turo mana hoton layin ruwan bankin, ka rufe sunanka da lambar asusu, in sake buga maka da ainihin lambobinsu.