Na goge sunaye, zan iya ba da fayil ɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu a nan Agege ta yi aikin duba lafiya kyauta, muka rubuta bayanan mutum 600 a Excel. Wani ɗalibi yana son fayil ɗin don bincikensa. Na goge sunaye da lambobin waya, saura ranar haihuwa, jinsi, unguwa, sana'a da ciwon da aka samu. Akwai matsala? Daga wata 'yar'uwa a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Don Allah ki dakata tukuna, kada ki tura. Abin da ya rage a fayil ɗin ya isa a gane mutane da yawa.

Wannan ya taɓa faruwa a Amurka. Hukumar inshorar ma'aikatan jihar Massachusetts ta ba masu bincike bayanan asibiti bayan ta cire sunaye, amma ta bar ranar haihuwa da jinsi da lambar yanki ta gidan waya. A 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a lokacin, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala 20. Ita rajistar ba ta da labarin ciwon kowa, sai dai tana da suna tare da waɗancan abubuwa uku. Da ta jera takardun biyu, mutum shida ne kawai suka yi tarayya da gwamnan jihar, William Weld, a ranar haihuwa. Uku daga cikinsu maza ne, kuma shi kaɗai ne a yankinsa. Haka ta zaro bayanan asibitin gwamna ba tare da ta yi kutse a kwamfutar kowa ba.

Dabarar ke nan: a samo wata takarda mai ɗauke da suna, a haɗa ta da taki ta wurin da suka yi kama. Kuma lissafin ba ya bayanki. Kwana 365 sau shekara 60 sau jinsi biyu ya ba da gurbi 43,800. Ki watsa mutum 600 a cikinsu, kusan kowa shi kaɗai zai zauna a nasa, tun ba a kawo maganar unguwa ba.

Mu dawo gida. A ce layi na 47 ya nuna mace, an haife ta 14 ga Maris 1989, tela ce, tana Markaz, an same ta da ciwon hanta. Wanda yake riƙe da littafin adashi ko rajistar Islamiyya, ko wanda ya ga ana taya ta murnar ranar haihuwa a Facebook, ya gama gane ta. Mu Hausawan Legas ma abin ya fi sauƙi a kanmu, domin a unguwa an san juna. Maƙwabciya ba ta buƙatar wata takarda, kanta ne rajistar. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan labari kan taɓa aure da sana'a, alhali baiwar Allah ta zo ne don an ce mata taimako za a yi.

Ki gwada da kanki. Idan ranar haihuwa tana B, jinsi a C, unguwa a D, ki rubuta wannan a sabon ginshiƙi, ki ja shi har ƙasa:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,C:C,C2,D:D,D2)
```

Duk inda 1 ya fito, mai layin ba shi da abokin ɓuya. Gyaran shi ne ki rage kaifin bayanan. Ranar haihuwa ta koma rukunin shekaru, kamar 30 zuwa 39. Unguwa ta koma ƙaramar hukuma. Sana'a kuwa, in binciken bai dogara da ita ba, ki cire ta, in kuma kin bar ta to ki sa ta cikin lissafin. Sai ki sake gwaji har ya zama babu layin da ya kasa 5, waɗanda suka ƙi kuma ki fitar da su.

Ko hakan yana da iyaka. Idan mata biyar suka faɗa rukuni ɗaya kuma dukkansu ciwo ɗaya ne, wanda ya san ƙanwarsa tana cikinsu ya riga ya san ciwonta. Don haka ki duba kowane ƙaramin rukuni da idonki.

Ki tabbatar kuma Delete kika yi wa sunayen ba Hide ba, kuma ki kwafe abin da ya rage zuwa sabon fayil. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, saboda haka ki sa shugabannin ƙungiya cikin shawarar. Da ni ne, zan fara tambayar ɗalibin me yake son ya ƙirga. In adadin masu hawan jini a kowane rukunin shekaru yake nema, ki ƙirga masa ki ba shi jimilla, fayil ɗin ya zauna a hannunki.