Teloli sun cika unguwa, ta ina zan shiga?

"'Yan uwa, ogana ya yaye ni, ina da keke biyu da ɗan kuɗin haya. Amma unguwarmu ko'ina ka juya tela ne. Yaya zan gane abin da ba a yi?"

Ƙanena, kada ka biya kuɗin shago tukuna. Ni da zan fara a Kano, sai da na yi mako biyu ina zaman benci a shagunan teloli huɗu, daga La'asar zuwa Magariba, lokacin da ake zuwa karɓar kaya. Ba ɗinkinsu nake kallo ba. Wanda ya fita da ledarsa yadda ya shigo da ita, shi nake bi mu gaisa, in tambaye shi me ya kawo.

Kukan tsada kowa yana yi, kada ya ruɗe ka. Mai cewa "ya yi tsada" gobe ma can zai koma. Saɓa alkawari kuwa, musamman a goman ƙarshe na azumi, gaskiya ne, amma duk sabon tela da shi yake talla, kuma wa zai yarda da kai kafin Sallah ta gwada ka?

Abin da na yi ta gani shi ne masu gyara. Zif ya lalace, wandon makaranta ya yi tsawo, rigar gwanjo tana son a rage ta. Tela zai ce "ajiye, ka dawo jibi", ya cusa ledar ƙarƙashin tebur. Wani dattijo a gabana ya zo karo na uku saboda aljihu ɗaya.

Sai na tambayi kaina me ya sa suke gudun aikin, domin wani giɓin da ka hango a kasuwa rami ne. Dalilinsu mai kyau ne: kuɗin gyara kaɗan ne, kuma wanda ya shimfiɗa shadda yana yanka ba zai tashi ya sauya zare saboda zif ba. Wato matsalarsu lokaci ce, ba rashin riba ba. Masu yawo da keke a kafaɗa suna yi, sai dai ranar da kake nemansu ba ka ganinsu, kuma aikin da ke son injin wibin ya fi ƙarfinsu.

Kafin in kama shago na gwada a zauren gidanmu wata guda: gyara kawai, ka zauna a yi maka yanzu, ba bashi. Da na ga waɗanda suka zo suna dawowa da kayan 'ya'yansu, na san a nan kasuwar take. Teloli biyu ma da kansu suka riƙa turo mini mutane.

Inda na yi kuskure, ganin ciniki ya buɗe sai na karɓi ɗinkin Sallah kala ashirin. Cikin kwana huɗu ledojin gyara suka taru ƙarƙashin nawa teburin.